Kwalbar da Ba Ta Ƙarewa

Gayu ɓarawo ne. Gara a faɗa tun daga farko, kada wani ya ga gemunsa a gyare da takalminsa mai sheƙi ya ɗauka mutumin kirki ne. Bai fasa shagon kowa ba, bai yanki aljihu a kasuwa ba. Man fuskar yayarsa ya dinga sata ana tsaka da shirin bikinta, yana cike gurbin da wani mai daban don kada a gane. Duk wanda ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, bai san matar da aka yi wa ba.

Yaya Babba suke kiranta a gidan, domin ita ce 'yar fari. Ranar da mahaifinsu ya rasu ya bar musu lambun dashe a bakin titi: layin ledoji cike da ƙasa da taki, furanni, 'ya'yan itatuwa masu jiran mai saye, da wata rumfar kwano da baro ɗaya mai kukan taya. Ita ta ɗauki butar ban ruwa tana budurwa, ba ta ajiye ba har ta doshi arba'in. Da lambun nan aka aurar da ƙannenta mata biyu. Da shi aka yi wa Gayu, autan gidan, karatun da bai tsinana komai da shi ba sai ɗaukar kansa hoto a waya.

Rana ba ta sata, a fili take karɓar nata. Goshin Yaya Babba da ƙasusuwan kumatunta sun yi duhu fiye da sauran fuskar, inda ɗankwali ke rufewa ya fita daban, ga tabon tsofaffin ƙuraje a haɓa da ta sha matsewa da hannu mai ƙasa. Baƙa ce, kuma ba ta taɓa jin haushin baƙinta ba. Abin da ke damunta shi ne fuskar ta zama kala uku kamar zanen da aka shanya rabi a inuwa.

A bikin ƙanwarta ta biyu wata mai kwalliya ta ce za ta rufe mata duka. Ta yaɓa mata hoda hawa-hawa kamar mai yaɓen bango. Kafin la'asar zufa ta tsattsaga yaɓen, 'yar ƙanwarta da ta goya ta gan ta ta fashe da kuka ta ƙi zuwa. Hoton ranar yana rataye a falon Inna, kuma Yaya Babba ba ta ɗaga kai idan ta zo wucewa ta wurin.

To, da Allah ya kawo nata lokacin, direban tankar da ke kawo wa lambun ruwa ya ce ya gaji da shan shayi a tsaye a bakin rumfa, yana so ya sha a zaune a gidansa, abu ɗaya ta ƙudurta a ranta: ranar bikinta da fuskarta za ta fita. Ba aro, ba yaɓe. Wanda ya kalle ta ya gane ta, ita ma in ta ga hoton ta iya tsayawa a gabansa.

Da sauran 'yan watanni ta tafi shagon wata mai gyaran fuska da ke bayan tashar mota. Kowa Sannu-Sannu yake kiran matar, don ba ta da wata amsa sai wannan. Ɗaki ne ɗaya, da gadon kwanciya mai farin zani, da fitila mai dogon wuya, da madubin da ba ya yi wa kowa kara. Ta wanke hannu, ta juya fuskar Yaya Babba dama da hagu a ƙarƙashin fitilar.

"Da me kike wankewa, Amarya?"

"Da sabulun wanka. Wani lokacin da soso, in na ji ta yi kaushi."

"Soso! Tukunya ce? Lemon tsami fa?"

Yaya Babba ta kau da kai.

"Na ga alama. To, ki saurare ni. In fari kike nema, ƙofa tana bayanki, masu sayar da shi sun fi ƙuda yawa, kuma su ba sa zuwa ranar kuka. In kuwa so kike kalarki ta haɗu wuri ɗaya, fuskar ta yi laushi ta yi ruwa-ruwa, zan iya. Amma sannu-sannu."

Abubuwa huɗu ta ba ta, ta kuma hana ta fara su a tare. Sabulun ruwa marar ƙamshi, a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi safe da yamma, a dangwale da tawul mai tsabta, ba a gurza ba. Man laushi marar nauyi, a shafa fuskar tana da ɗan danshi. Sai wani ruwa mai ɗan tsami a ƙaramar kwalba, wanda ke saɓule matacciyar fata a hankali. Shi da yamma kawai, sau biyu a mako, kuma sai da ta ɗiga mata kaɗan a bayan kunne ta ce ta je ta dawo jibi a ga ko fatar ta yarda da shi. Na huɗun wata farar kwalba ce mai famfo a ka.

"Wannan man kare rana ne, shi ne uban tafiyar. Ruwan tsamin can yana sa fata ta ƙara jin rana. In kin shafa shi ba ki shafa wannan ba, gara ma ba ki zo wurina ba. Ki ja shi tsawon yatsu biyu, fuska da wuya da kunne. Da rana in kin yi zufa ki goge ki sake. Ki nemi hula mai faɗi. Ki sauya rigar filo a kai a kai, ki yi barci, hannunki kuma ki ɗaure shi a baya in ya tashi matsar ƙurji."

"Duk wannan? Ai ko dashen fure bai kai haka ba."

"Ke kin taɓa jan fure da hannu ya yi tsawo?"

Yaya Babba ta yi dariya, don a nan matar ta kama ta.

Ta jera kayan a kan tagar ɗakinta. Ba ta kulle ɗaki, ba ta taɓa kullewa ba. Ranar farko da ta fito da safe da malafar mahaifinsu a kan ɗankwali, Gayu na zaune a tsakar gida yana goge takalmi, ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Inna, fito ki ga! Yaya Babba za ta zama 'yar sha takwas. Yaya, ai an riga an yi ciniki, Mai Tanka ya ga kayan a rana ya saya. Gyaran me kuma?"

"Bakinka dai, Auta," in ji Inna daga kicin.

"Ni fa gaskiya nake faɗa. Ni nan da kuke gani ruwa kawai nake sa wa fuskata. Kyau daga Allah ne, ba daga kwalba ba."

Ya maimaita wannan a gaban abokansa, ya maimaita a gaban ƙannenta da suka zo gaisuwa. Yaya Babba ta ci gaba da harkarta. Wanda ya saba da kukan tayar baro, maganar Gayu ba ta hana shi aiki.

Makonni suka shuɗe, abin ya fara nunawa. Ba wani sauyi na ban mamaki ba. Kaushin ya tafi, haɓar ta lafa, duhun goshin ya fara sassautawa daga gefe. Wata mai sayen furanni ta tambaye ta ko hutu ta je. Mai Tanka, yana naɗe tiyo, ya kalle ta ya ƙara kallo har ruwa ya jiƙa masa wando.

Gayu ma ya gani. A nan shaiɗan ya same shi. Yana son abin da ya gani, amma bakinsa ya riga ya rufe masa hanyar roƙo. Mutumin da ya shelanta wa duniya cewa kyau ba daga kwalba yake ba, da wane ido zai ce a san masa? Girman kai rawanin tsiya. Sai ya jira ta tafi lambu, ya shiga ɗakin, ya duba kwalaben, ya zaɓi babbar, don a ganinsa babba ita ce mai aikin. Ya shafa a fuska, ya shafa a wuya, ya shafa a damatsa. Bai ma san amfaninsa ba, har zai kwanta shafawa yake. Da ya ga ya fi son ya same shi kusa, sai ya kwance kan kwalbar ya tsiyaya a wani gwangwanin man gashi da ya wanke. Kwalba ta yi sauƙi a hannu. Ya waiga, ya tuna da farin man jikin Inna, mai kauri mai ƙamshin turare, ya ɗebo ya cike, ya girgiza. Fari da fari, wa zai gane?

Da ya yi sau ɗaya ya tsaya, da sauƙi. Amma ɓarawon da bai ji ihu ba ba ya tuba. Ya ɗiba ya cike, ya ɗiba ya cike, har abin da ya rage a kwalbar ya zama man Inna ne da ɗan tarihin man kare rana.

Yaya Babba ta lura kwalbar ba ta raguwa. Ta faɗa wa Inna wata safiya tana dariya.

"Inna, man nan akwai auki. Kullum ina shafawa, kullum yana nan."

"Albarkar aure ce ta fara sauka, Babba. Ki gode Allah, ki daina ƙirga."

Ta gode, ta daina. Ƙamshin ma da ya shigo a hankali ba ta kama shi ba; hancin da ya wuni tsakanin taki da furanni ba ya tsayawa kan ɗan turare. Ta ci gaba da shafa ruwan tsaminta da yamma yadda aka ce, da safe ta ja yatsu biyu na abin da take zaton garkuwa ne, ta shiga rana da ƙarfin gwiwa. Har ta kan cire malafar in za ta sunkuya cikin layin dashe, tunda ai ta shafa.

Fatar da aka saɓule wa tsohuwar riga aka tura rana ba mayafi, me ake jira? Ƙasusuwan kumatun suka koma duhu, har suka fi na da. Goshi ya yi ƙananan ƙuraje kamar yashi, saboda nauyin man da turarensa. In zufa ta sauko sai fuskar ta ɗau raɗaɗi. Tana tsaye gaban madubi da safe ta ji hannunta na son tashi ya matse, ta riƙe shi da ɗayan.

Mai Tanka ya same ta a rumfa ta juya masa baya.

"Uwar lambu, yau ba gaisuwa? Ko na yi laifi ne?"

"Ba ka yi ba."

Ya zagayo ya ga fuskar, ya gane. Mutum ne marar yawan magana, sai ya faɗi abin da ya zo masa.

"Ni dai a haka na gan ki, a haka nake so. Ko kin fito da buhu a ka zan gane ki da tafiya."

"Na sani, Malam. Ba don kai nake yi ba."

Ya ɗan yi turus, sannan ya gyaɗa kai. "To, in don ke ne, ya fi ƙarfina. Shiga mota in sauke ki wurin matar."

Ta biya gida ta zuba kwalaben a jaka. Ta shiga shagon ba sallama mai kyau. Sannu-Sannu na goge fuskar wata mata, ta yi mata nuni da kujera, sai da ta sallami waccan ta juyo. Yaya Babba ta cire malafa ta tura fuska gaba.

"Ga aikinki. Bikin saura 'yan makonni. Na bi maganarki kamar karatu, ban tsallake ko wasali ba. Da na sani da na zauna da sosona."

Sannu-Sannu ba ta kare kanta ba. Ta ja fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan aikin rana ne, waɗannan kuma na mai mai nauyi. Kin ƙara wani abu?"

"Ban ƙara ba."

"Wata ƙawa ba ta ba ki haɗi ba? Ki faɗa, ba duka zan yi ba."

"Na ce ban ƙara ba!"

"To, zazzage jakar."

Ta ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan farar mai famfo, ta auna ta a tafin hannu, ta ɗaga gira.

"Kin sayi sabuwa ne a wani wuri?"

"Ita ce dai wadda kika ba ni."

"Amarya, ke da ke wuni a rana kina sakewa, kwalbar nan ya kamata ta ƙare tuni, ki zo ki karɓi ta biyu. Ni har ina cewa kin samu a kusa da ku. Ashe tsimi kike yi? Ɗigo kike shafawa?"

"Yatsu biyu, wallahi. Kullum. Ita ce ba ta ƙarewa. Inna ta ce albarka ce."

Sannu-Sannu ta matsa kaɗan a bayan hannunta, ta murza, ta kai hanci. Ta ɗauko sabuwar kwalba daga kantar shagon ta matsa a ɗaya hannun, ta miƙa mata duka biyun.

"Shinshina. Nawa ba shi da ƙamshi, da gangan na zaɓa miki shi haka. Wannan kuwa ko amarya ba ta kai shi turare ba. Dubi yadda yake maiƙo. Albarkar nan da hannu ake zuba ta."

Yaya Babba ta shinshina. A nan, cikin ɗakin da ba taki ba fure, ƙamshin ya fito fili. Ta san shi. Shi ne ƙamshin zanen Inna, da filon Inna, da hannun Inna in ta dafa mata kafaɗa. Ta zauna a bakin gadon.

Ta tuna Inna ta taɓa cewa kayan shago ɓarnar kuɗi ne. Ta tuna Inna, tun da aka sa rana, takan kalli lambu ta ce, "Ko wa zai riƙe mana wannan?" Zuciya muguwar mai ba da shawara ce in ta ji ciwo. Kafin ta miƙe, har ta gama gina wa mahaifiyarta laifin da ba ta yi ba.

"'Yar uwa, ki yafe mini maganar da na shigo da ita," ta ce a hankali. "Akwai sauran gyara?"

"Ba ƙarya zan yi miki ba. Ƙurajen za su kwanta in an daina wancan man, ba za su daɗe ba. Duhun kuwa yana shiga da gudu, fita yake da rarrafe. Zai ragu, amma ba duka zai tafi kafin ranar ba. Ruwan tsamin ki ajiye shi, fatar ta gaji. Wanki, man laushi, wannan sabuwar kwalbar, shi ke nan. Kada wani ya ba ki sabon abu ki gwada, ko da ya rantse miki. Kuma babban maganin ba na shagona ba ne: ki fita daga rana. In za ki samu wanda zai riƙe miki butar, ki zauna a inuwa."

"Wa zan samu?"

"Wannan kuma ku kuka san gidanku."

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana ninke wanki. Ta ajiye tsohuwar kwalbar a kan tabarma, ta durƙusa.

"Inna, in ba kya so in tafi ne, ki faɗa mini da baki. Zan haƙura. Amma manki a cikin kwalbata..."

Inna ta saki rigar da ke hannunta. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta kalli 'yarta.

"Babba, ni? Ni da nake kwana roƙon Allah ya nuna mini ranar nan?" Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da robar manta, ta kife ta, ko ɗigo bai faɗo ba. "Wannan ta biyu ke nan. Ina gani yana tafiya kamar ana sha da cokali. Na ce ke ce kike ɗiba kina shafa a ƙafa, kunya ta hana ki tambaya. Na ce amarya ce, bari in yi shiru in sayo wani."

Yaya Babba ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinsu. Rabi na fuskar ne, rabi na kunyar zargin da ta yi. Inna na shafa mata baya tana cewa ya isa, hawaye gishiri ne, zai ƙara mata raɗaɗi.

Suna haka Gayu ya fito daga wanka, tawul a wuya, yana busa fito. Gwangwaninsa ya ƙare tun jiya. Bai lura da su ba, ya leƙa ɗakin yayarsa, ya ga taga wayam, ya juyo.

"Wai ina farar kwalbar nan da ke kan ta..."

Ya ga kwalbar a kan tabarma. Ya ga robar Inna a kife kusa da ita.

"Ƙarasa mana, Auta," in ji Inna. "Kai da ruwa kawai kake sa wa fuskarka, me ya haɗa ka da kwalba?"

Ya fara da cewa abokinsa ne ya tambaya. Ya koma cewa sau ɗaya ne. Inna ta shiga ɗakinsa ta fito da gwangwanin man gashi, cikinsa fari fat har gefe. Sai ya sauya waƙa.

"To wai mene ne a ciki? Mai ne fa, Inna. Na ɗiba na mayar. Ai ban bar ta da kwalba ba komai ba."

"Da ka bar ta ba komai, da ta sayo wani ta tsira," Yaya Babba ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Da ka ce in san maka, wallahi da na saya maka taka. Dubi fuskata, Auta. Dube ta da kyau."

Ya duba, ya sunkuyar da kai. Ko nadama ce ko tsoro, Allah ya sani.

Inna ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta tambayi abin da mai gyaran ta ce, aka faɗa mata. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka warware wa ƙullin da ya daɗe yana damunta.

"Inuwa ta ce? To, an samu. Kai ka tura ta rana ba kariya, kai za ka shiga ranar a madadinta. Gobe da asuba ka ɗauki buta."

"Inna, ni fa ban iya ba! Kuma fatata ba ta son..."

"Ita ma ba a haife ta da buta a hannu ba."

Tun daga ranar Yaya Babba ta koma ƙarƙashin rumfa, a kan kujera, da ruwan sha a gefe. Da farko zaman ya fi aikin wuya. Hannunta na ƙaiƙayi duk lokacin da ta ga Gayu na kwarara ruwa a kan ganye maimakon gindi.

"A gindi, Auta! Ba wanka ka zo yi musu ba!"

"Yaya, wannan layin ai na ba shi ɗazu."

"Sa yatsa a ƙasar ka ji. In ta bushe, ƙarya kake."

Mai Tanka in ya zo sai ya miƙa masa bakin tiyo ya ce, "Riƙe da kyau, suruki, kada ya ɓata maka gemu," ya wuce rumfa ya zauna shan shayi. Yaya Babba ba muguwa ba ce. Ta miƙa wa ƙanen nata malafar, ta ce ya zo ta matsa masa mai na gaske a yatsu. Man ya karɓa ba kunya. Malafar ya ce sai dai a kashe shi.

Kwalbar wannan karon ta ragu yadda kayan halal ke raguwa, har ta ƙare aka sayo wata. Ƙurajen suka kwanta. Raɗaɗin ya tafi. Tana barci da wuri, tana tashi ba gajiyar da ta saba. Ƙannenta suka zo da wani haɗi da aka ce yana aiki cikin kwana uku, ta yi musu godiya ta ce su mayar.

Safiyar bikin Sannu-Sannu ta zo gidan da ƙaramar jaka. Ta wanke mata fuska, ta shafa man laushi, ta shafa na rana, ta jira ya zauna. Ta ja ta bakin taga inda haske yake na gaskiya.

"Kin ga? Goshi ya haɗu. Haɓa ta haɗu. Nan da nan ne suka ƙi," ta taɓa saman kumatun biyu. "Na faɗa miki ba duka zai tafi ba. In kin yarda in ɗiga musu kalar fatarki da kan yatsa, in bi da hoda sama-sama. In kin ƙi, a haka ma kin fita."

Yaya Babba ta karɓi madubi. Matar da ke ciki baƙa ce, fatarta sumul tana ɗaukar haske, da 'yar inuwa a kan kumatu wadda shekarun lambu suka bari. Ita ce. Ba wanda zai tambaya.

"Ɗiga kaɗan," ta ce. "Kaɗan fa. In kin wuce, zan wanke."

"Sannu-sannu dai, Amarya."

Da mai hoto ya zo, ba ta laɓe a bayan kowa ba. Ta tsaya a tsakiya, Inna a damanta, ta ɗaga haɓa, ta yi dariya har haƙoranta suka fito, don Mai Tanka ya raɗa mata cewa shi fa bai gane ta ba sai da ta harare shi.

Da aka watse, Inna ta kira Gayu ta ce masa buta ta zama tasa, ba ta aro ba ce. Ya ce ai ya zaci zuwa biki ne kawai. Ta ce shi ya zata.

Lambun yana hannunsa har yau. Da asuba yake fita, sai rana ta faɗi yake dawowa, tafin hannunsa ya yi kanta, takalmin mai sheƙi yana ƙarƙashin gado. Ɗakin kowa a gidan a buɗe yake, amma shi an hana shi shiga ko ɗaya sai da sallama da shaida.